Tukunya ɗaya, aljihu huɗu: yaya zan faɗa musu?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, mu huɗu muke hayar ciki da falo a Samaru, Zariya. Tun da muka tare muke cin tukunya ɗaya, ba mu taɓa zama mun tsara komai ba. Yanzu kusan kullum ni ke girki, kuma in mai ko magi ko gas ya ƙare ni ke saye. Ɗaya mahaifinta manomi ne, tana zuwa da wake da masara daga gida, shi ya sa ba ta ba da kuɗi. Ɗaya duk Juma'a take tafiya gida Kaduna, sai Lahadi da yamma ta dawo. Ta ukun kuma ƙawarta kusan kullum a nan take cin abincin dare. Kuɗin da ake turo mini ya daina kai ni ƙarshen wata. Ina so in tura musu saƙo mu raba girki da kuɗin abinci, amma ina tsoron su ce ni marowaciya ce. Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Me zan ce musu?

Wata 'yarki daga Samaru

Wa alaikumus salam 'yata. Na san abin da ya sa kike gogewa. Duk sanda kika fara rubutu, abin da ke cin ranki ne yake fara fitowa, sai ki karanta ki ji ya yi kama da ƙorafi, sai kunya ta kama ki. Kuma kin yi daidai da kika goge, domin saƙon da ya fara da "kullum ni ce" ba zai haifar da tsarin girki ba, musu zai haifar kan wa ta sayi gas a watan jiya. Saƙon da zai yi aiki shi ne wanda babu jiya a cikinsa, sai gobe, kuma yake ɗauke da lissafin da kowacce za ta duba ta ga ba a cuce ta ba. Don haka ajiye wayar tukuna. Akwai aikin kwana biyu ko uku da za ki yi da biro da takarda kafin ki danna komai.

Ki fara da rage girman abin. Kada ki ce a haɗa karin kumallo da abincin rana da na dare gaba ɗaya. Ɗalibai huɗu ba sa tashi lokaci ɗaya, ba sa dawowa lokaci ɗaya; wata tana da lacca ƙarfe takwas, wata sai azahar, wata za ta sayi awara a hanya ta ƙoshi. Abincin dare ne kaɗai yake samun kowa a gida, har mai azumin Litinin da Alhamis ma shi ne buɗe-bakinta. Ki haɗa shi kaɗai. Shayi da burodi da garin kwaki da indomi, kowa ta ji da nata. In wata guda ya wuce lafiya, ku da kanku za ku ce a ƙara na rana.

Sai ki rubuta abin da kuke ci a mako, na gaskiya, ba wanda kuke sha'awa ba. A ce Litinin shinkafa da wake da mai da yaji, Talata tuwon masara da miyar kuka, Laraba taliya da manja, Alhamis ɗanwake, Juma'a dafa-duka, Asabar faten wake, Lahadi shinkafa da miya. Daga nan ki ɗauko gwangwanin madara na ruwa, wanda kowa ke awo da shi, ki zuba mudun shinkafa ɗaya ki ƙirga gwangwani nawa ne a ciki. Ki auna da hannunki, kada ki yarda da abin da aka ce, domin mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma wani mai awo yana toza shi, wani yana shafe bakinsa. A ce kin sami takwas. Ranar Litinin kuna sa gwangwani uku na shinkafa saboda akwai wake, Juma'a huɗu saboda ku uku ne, Lahadi biyar. Goma sha biyu ke nan a mako, 48 a mako huɗu, wato mudu shida. Haka za ki bi wake da garin masara da taliya da mai. Amfanin wannan awo ba a ranar biyan kuɗi kaɗai yake ba. Ranar da shinkafar wata guda ta ƙare a kwana ashirin, ba za ku tsaya kallon-kallo ba. Za ku san ko dai hannun wata ya yi nauyi wurin awo, ko bakunan da ke ci sun fi huɗu.

Yanzu ga inda yawancin masu irin wannan zama suke yin kuskure. Sai su tara kuɗin duka su raba huɗu, su ce an yi adalci. Raba daidai ba kullum ne adalci ba, kuma a gidanku musamman ba zai zauna ba, domin ta Kaduna za ta yi lissafi a ranta ta ga tana biyan abincin da ba ta ci. Ba za ta yi magana ba, sai dai ki ga kuɗinta yana makara. Abin da ya fi shi ne ku kasa kuɗin gida biyu.

Kaso na farko shi ne abin da ake buƙata ko mutum yana nan ko ba ya nan: cika tukunyar gas, omo da soson wanke-wanke, ashana, ruwan da kuke saye a wurin mai kura. Wannan a raba shi huɗu daidai. Gas ɗin da ke dafa abincin dare shi ne ke dafa wa kowa ruwan shayi da na wanka lokacin sanyi, kuma kin san sanyin Zariya a watan Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Ba wanda zai iya auna wa ya fi ƙona shi, don haka kada ma a fara.

Kaso na biyu shi ne abin da ke shiga ciki: hatsi, taliya, mai, kayan miya, kifi ko nama in da hali, magi da gishiri. Wannan da faranti ake raba shi. A mako huɗu akwai dare 28. Ku ukun da ba ku tafiya, kowa faranti 28, jimla 84. Ta Kaduna ba ta cin daren Juma'a da na Asabar, saboda haka biyar take ci a mako, 20 a wata. An sami faranti 104.

Bari in sa kuɗi don ki ga yadda yake tafiya, amma waɗannan alƙaluma misali ne kawai, ke za ki shiga kasuwar Samaru ki tambayo farashin ranar ki sa naki. A ce kaso na farko ya kama naira 16,000, kowa 4,000 ke nan. A ce kaso na biyu ya kama naira 72,800. In kika raba shi gida 104, faranti ɗaya ya tashi a naira 700. Mai cin 28 za ta biya 19,600, a haɗa da 4,000, ya zama 23,600. Ta Kaduna za ta biya 14,000 da 4,000, wato 18,000. Da raba huɗu aka yi, kowa 22,200 za ta biya, ita ta yi asarar 4,200 duk wata a kan abincin da ba ta gani ba. Ku kuma abin da ya ƙaru a kan kowaccenku 1,400 ne kacal. Ki lura da wannan da kyau, domin shi ne makaminki: tsarin da kike kawowa ya sa ke kanki kina biyan fiye da yadda za ki biya a rabon huɗu. Wadda ta kawo lissafin da ya ƙara mata kuɗi don a sauƙaƙa wa wata, da wuya a kira ta marowaciya.

Sai 'yar manomi. A nan ina so ki sassauta zuciyarki, domin ina jin a ranki kin fara ganin kamar ba ta ba da komai. Tana bayarwa. Waken nan da masarar nan gumin mahaifinta ne, da bai ba ta ba da kasuwa zai kai. Matsalar ita ce ba wanda ya taɓa sa musu kuɗi, shi ya sa ita take ganin ta biya har da ƙari, ke kuma kike ganin ta ci bulus. Wataƙila ku duka kun yi kuskure. Maganin shi ne a auna abin da ta kawo ranar da ta kawo shi, a gaban kowa, a yi masa kuɗi da farashin kasuwar Samaru na ranar, ba farashin ƙauyensu ba, tunda da ba ta kawo ba a nan za ku saya. A ce ta zo da wake mudu uku a kan 1,800, ya kama 5,400, da masara mudu huɗu a kan 900, ya kama 3,600. Ta riga ta biya 9,000 ke nan, saura ta cika 14,600. Amma abin da tukunya za ta cinye a watan kaɗai za a ƙirga. In ta zo da rabin buhun masara, ba za a ce ta biya wata uku a bar ku ba kuɗin mai ba. A ɗebi mudu huɗun watan, sauran nata ne, wata mai zuwa a sake ɗiba a sake yin kuɗi. Kuma ku tuna kuɗin surfe da niƙa daga asusu zai fita, ba daga aljihunta ba. In ta kawo kuka ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa ta ce kyauta ce, ku karɓa ku gode, kada ku ce sai an auna. Waken kuma ku juye shi a jarka mai murfi ku toshe sosai, in ba haka ba ƙwari za su riga ku.

Maganar baƙuwa ita ce mai ƙaya, kuma ita ce ba za ki fara jefawa cikin saƙon kowa-da-kowa ba tare da shiri ba. Mu Hausawa ba ma ƙirga wa baƙo loma, kuma bai kamata ku fara ba. Ƙanwar wata ta zo daga gida, ko abokiyar karatu dare ya yi mata, a zuba mata, albarkar abinci ce. Amma wadda take zuwa dare huɗu ko biyar a mako ta wuce baƙuwa, ta zama ta biyar a tukunya. Da lissafin da muka yi, dare huɗu a mako faranti 16 ne a wata, naira 11,200. Kin ga inda wani ɓangare na kuɗinki yake tafiya. Ƙa'idar da nake ba da shawara ita ce: baƙo sau biyu a mako ba a ƙirgawa, abin da ya wuce haka wadda ta kawo shi ta ɗauki farantin. Sai dai kafin ki rubuta wannan, ki sami mai ƙawar ku biyu, a hanyar makaranta ko wurin wanki, ki ce mata kina shirin kawo tsari, kuma kin ga ƙawarta ta saba da ku, ko za ta so ta shigo a riƙa lissafi da ita? Sau da yawa za ki tarar yarinyar tana zaune a hostal ne inda girki ke mata wuya, kuma za ta yi murna ta biya ta ci da mutuncinta. Mutum biyar sun fi huɗu sauƙi ma, tunda gas da ruwa za a raba su biyar. In kuma ta fito cewa babu ce ke kawo ta, to wannan wata magana ce daban, ku huɗu za ku zauna ku yanke ko za ku ɗauke ta don Allah. Sadakar da kuka yi da saninku daban take da wadda ake zara daga aljihunki ba ki sani ba.

Wata za ta iya cewa ai cin wata ya fi na wata. Kada ki bari a buɗe wannan ƙofa. Faranti faranti ne. Haɗa guzuri a ci tare tsohon abu ne da malamai suka yi magana a kansa. A Sahihul Bukhari, a farkon littafin tarayya, an kawo cewa Musulmi ba su ga laifi ba matafiya su haɗa abinci, wannan ya ci kaza wancan ya ci kaza. A nan ne kuma hadisin Ash'ariyyawa yake, mutanen su Abu Musa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba da mazubi ɗaya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Lissafin kwanaki yana hana zalunci; lissafin loma kuwa zumunci yake kashewa. Abin da kawai za ku yi shi ne mai girki ta raba wa kowa a farantinta ko kularta tun da zafi, musamman in akwai kifi ko nama, don wadda ta dawo daga karatu ƙarfe goma kada ta tarar da ƙanzo.

Rabon girki ya fi na kuɗi sauƙi. Ku tsayar da ranaku, kada ku yi zagaye. In kuka ce yau ke gobe ni, ranar kowa za ta riƙa sauyawa duk mako, wata rana ta faɗo a ranar da mutum ke da lacca har ƙarfe shida, daga nan sai "na manta" da "na ɗauka ba ni ba ce". Kwana bakwai ne: ku ukun kowa ta ɗauki biyu bisa jadawalin karatunta, ta Kaduna ta ɗauki ɗaya a tsakiyar mako. Tunda nata ya fi sauƙi, sai ta haɗa da kai niƙa da cika gas. Wadda ta yi girki ita za ta wanke tukwane ta share wurin a daren. Farantin kowa kuma a hannunta. Na san wasu suna cewa wadda ta dafa kada ta wanke, amma na ga yadda hakan ke ƙarewa: mai girkin da ta san ba ita ce da wanke-wanke ba sai ta ɓata tukunya huɗu ta bar ƙonannen tuwo ya kwana. In uzuri ya taso, mai ranar ce za ta nemi wadda za su yi musanya tun da safe, ba ta yi shiru sai magariba a ga murhu a kashe ba. Wadda ba za ta ci a gida ba ta faɗa kafin la'asar don kada a dafa a zubar, tunda ba za ku dogara da wutar lantarki ku ajiye dafaffiyar shinkafa ba. Amma faɗar ba ta rage kuɗi. Abin da ke rage kuɗi shi ne tafiyar da aka sani tun farkon wata, ko ta kwana uku zuwa sama.

In a cikinku akwai wadda ba ta iya tuƙa tuwo ba, a ba ta ranar taliya. Mai gyambon ciki kuma, a riƙa ajiye yaji a gefe.

Kuɗin kuwa, kada ki riƙe shi a watan farko. Ke kika kawo magana, in kuma kika zama ma'aji, abin zai yi kama da kin nemi mulkin kicin. Ki ce wata ta riƙe kuɗi, wata daban ta riƙe littafi, duk wata a sauya. A biya kafin a ɗora tukunya, ba bayan an ci ba. Bashin abincin da aka riga aka cinye ya fi kowane bashi wuyar karɓa. Ku sa ranar biya ta dace da lokacin da ake turo muku kuɗi daga gida. Ranar da kuɗi ya haɗu, mutum biyu su shiga kasuwa su sayo masu daɗewa gaba ɗaya: shinkafa, taliya, mai, magi, gishiri. Abin da ya rage na cefane ne, a kasa shi huɗu, kowane mako da nasa, kada a taɓa na mako mai zuwa. Mai tumatir ba ya ba da rasit, shi ya sa littafin yake da muhimmanci: duk wadda ta yi cefane ta rubuta kwanan wata da abin da ta saya da nawa, kafin ta cire hijabi. Littafin ya zauna a kicin inda kowa za ta iya buɗewa ba tare da ta tambaya ba. Ku kuma sa a ranku cewa kuɗin cefane ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da rani, lokacin da tumatirin noman rani ya cika kasuwa, kayan miya suna araha. Da damina kuwa sai su yi tashin gwauron zabi. A lokacin ku koma ga busasshen tumatir da miyar kuka da ta kuɓewa, maimakon a riƙa bin mutane da "a ƙaro ɗari biyar" duk kwana uku.

Lokacin da nake ɗaliba, mu ma mun yi irin wannan zama, kuma abin da ya kusa raba mu ba shinkafa ba ce, man gyaɗa ne. Muna sayen kwalba mu ce ta wata guda ce, kwana goma sha biyu sai a ga gindinta. Kowa tana zargin kowa a ranta, har gaisuwar safe ta fara yin nauyi. Ashe kowaccenmu tana ɗan tsiyayawa ta soya ƙwai ko ta zuba a indomi da rana, kowa tana ganin nata kaɗan ne. Wata a cikinmu ta samo tef ta manna a jikin kwalbar, ta ja layi huɗu da biro, layi ɗaya mako ɗaya. Daga ranar ido ya zama alƙali, ba wanda ya sake yin magana, kuma kowa ta sayi ɗan ƙullin manta na soye-soyen rana. Ki yi wannan tun ranar farko. Mai da magi da albasa su ne ƙofar da asusu ke yoyo.

Kafin saƙon ya tafi, ki tabbata kin yi magana baki da baki da aƙalla mutum biyu: mai ƙawa, kamar yadda na ce, da 'yar manomi, don kada ta karanta maganar auna wake ta ji kamar an raina abin da mahaifinta ya ba ta. Ki ce mata so kike a san darajar abin da take kawowa. Ki kuma zaɓi lokaci. Ba ranar da gas ya ƙare ana tsakar girki ba, ba makon jarrabawa ba, ba kuma daren da kika kwana da haushi ba. Kwana huɗu ko biyar kafin ƙarshen wata, bayan an ci an ƙoshi. Ga yadda zan rubuta shi in ni ce, ki gyara ya yi kama da bakinki, ki sa alƙalumanki:

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shawara kan abincinmu, in kun ga ta yi mu gwada wata ɗaya kawai. Kaya sun yi tsada, ni dai kuɗina ya daina kai ni ƙarshen wata, na ga in muka haɗa muka sayo a dunƙule zai fi mana sauƙi mu duka. Shawarar ita ce mu haɗa abincin dare kaɗai. Na zagaya kasuwa na yi lissafi: gas da ruwa da kayan wanke-wanke 16,000, mu raba huɗu. Kayan abinci 72,800, mu raba bisa kwanakin da kowa ke ci, ya kama 700 duk dare. Mai kwana 28 za ta ba da 23,600 gaba ɗaya, mai kwana 20 kuma 18,000. Duk wadda ta kawo hatsi daga gida a yi masa kuɗin kasuwa a cire mata. Girki kuma kowa ta zaɓi ranakun da suka dace da laccarta, ni zan ɗauki waɗanda suka rage. Baƙi sau biyu a mako ba komai, in ya wuce sai mu ƙirga. Wata ta riƙe kuɗi, wata ta riƙe littafi, ban da ni a wannan watan. Ga hoton lissafin, don Allah ku duba in na yi kuskure ku gyara. Mu zauna ranar Lahadi bayan isha'i mu ƙarasa. In akwai wadda biya lokaci ɗaya zai yi wa nauyi, ta same ni ko mai riƙe kuɗi mu biyu, za a iya kasa shi biyu."

Ki duba abin da ke ciki. Kin faɗi halin aljihunki da bakinki, wanda gaskiya ne kuma ba zargi ba ne ga kowa. Kin ce wata ɗaya, don mutum ya fi saurin yarda da gwaji a kan alkawarin da ba shi da iyaka. Kin bar musu zaɓen ranaku kin ɗauki ragowa. Kin nemi a gyara miki, wanda zai sa su sa hannu a lissafin ya zama nasu. Babu sunan kowa a wurin da zai sosa rai. Kada ki ƙara "kamar yadda kuka sani ni ke ta fama", ko da yatsanki yana ƙaiƙayi. Kuɗin da kika kashe a baya ki yafe shi, ki bar wa Allah. In kika nemi a biya ki, taron Lahadi zai ƙare a kan watan jiya, ba za a kai ga wata mai zuwa ba.

Layin ƙarshe na saƙon kada ki cire shi. A cikin mutum huɗu da wuya a rasa wadda kuɗinta ke zuwa a makare ko a gutsure, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gaban kowa ba, sai dai ta ce tsarin ne bai yi mata ba. Ki ba ta ƙofar da za ta shigo ba tare da ta tona asirin gidansu ba. Amma rangwamen ya tsaya a kan lokaci: rabi farkon wata, rabi tsakiya. In har sai an rage mata kuɗi ne, ku duka za ku sani ku yarda, kada mai riƙe kuɗi ta riƙa cikewa daga nata a ɓoye, domin nan da wata biyu ita ce za ta rubuto mini irin wasiƙarki. Ban kuma so a ce mara kuɗi ta biya da aiki, ta riƙa girki kwana huɗu tana wanke wa sa'o'inta tukwane. Karatu ta zo yi kamar kowa.

Za ki gane tsarin ya fara tangarɗa tun kafin a yi faɗa. Littafi zai kwana uku ba a rubuta komai ba. Kuɗin cefanen mako zai ƙare ranar Alhamis. Wata za ta fara cewa ta ƙoshi tana shigowa da leda daga waje. In kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki jira ƙarshen wata, kuma kada ki koma cike giɓi da kuɗinki kamar da. Ki ce a zauna minti goma a buɗe littafi. Yawanci abin ƙarami ne: an yi wa cefane kuɗi kaɗan, ko an gaji da wake sau uku a mako.

In kin tura saƙon aka yi shiru, kada ki sake turawa, kuma kada ki fassara shirun. Ranar Lahadi bayan isha'i ki ɗauko takardar ki zauna a falo ki ce, "To 'yan uwa, me kuka gani?" In mutum biyu suka yarda ɗaya ta ƙi, ku ukun ku fara, ita ta biya kasonta na gas da ruwa ta riƙa girkinta, ba gaba ba habaici, in kun zuba ku ce mata bismillah kamar kullum. In duk suka ƙi, ki gaya musu cikin sanyin murya cewa daga ɗaya ga wata za ki riƙa dafa naki daidai ƙarfinki, ki sayi 'yar ƙaramar tukunya, ki ajiye kayanki a akwatinki, ki biya kasonki na gas ranar da aka cika. Ki rubuto mini bayan watan gwajin ki gaya mini nawa farantin ya kama a lissafinku, da kuma ko man ya kai layi na huɗu. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya sa albarka a abin da iyaye ke turowa.